Zoben da Ke Tafiyar da Ƙafar Ɗan Katun

A manhajar Blender, mai motsa ɗan katun ba ya taɓa ƙasusuwan jiki, zobe yake kamawa. Ga yadda muke haɗa na ƙafa.

Muna ƙirƙirar sabon ƙashi a diddige, wanda bai haɗu da ƙafar ba, mu kashe masa `Deform` don kada ya ja fata. A `Custom Shape` muke ba shi siffar zobe. Sai mu ɗora wa ƙashin ƙwauri takunkumin `Inverse Kinematics` domin ya riƙa bin zoben, mu sa `Chain Length` a 2, wato ƙwauri da cinya. Da an ɗaga zoben, gwiwa za ta lanƙwashe da kanta, don haka mu ɓoye ainihin ƙasusuwan.

In kun ga ƙugu na biyo ƙafa, kun bar lambar a 0 ne.