Mai amalanke, wa ke ba ka riba, wa ke cin ranarka?

Jama'a manoma da makiyaya, kowa ya san ƙasar Junju da rake. Idan sanyi ya shigo, fadamun Dallol Mawri, daga Junju har Karakara da Zabori, sai su cika da masu sara da masu ɗauri. Manyan motoci ba su iya shiga cikin fadama. Amalanken shanu ne ke fiddo rake zuwa inda mota take tsayawa, daga nan a kai shi Gaya, da Doso, da Yamai. A lokacin nan mai amalanke ba shi rasa aiki. To amma aiki daban, riba daban.

A ajinmu na karatun manya akwai wani magidanci mai amalanke da bajimai biyu. Da bashi ya sayi amalanken, kowane wata yana biyan jaka 10. Wani dare bayan an tashi daga karatu ya tsaya, ya ce mini: "Malam, wata guda ke nan ban huta ba, ga wata ya ƙare, kuɗin biyan bashi sun gagara. Ina kuɗina suke zuwa?" Na ce ya kawo kayensa. Allah ya sa tun da ya iya rubutu yake sa alamar kowane sawu da kowace rana. Ga yadda muka yi lissafin. Jaka guda dala 200 ce, rabin jaka dala 100. Kuɗin da za ku gani nasa ne, kowa sai ya sa nasa.

Da farko, nawa rana guda take ci?

Kafin ka san ribar da wani yake ba ka, sai ka san abin da ranarka take ci. Mun tarar da abu huɗu.

Abincin shanu, wato harawa da dussa da kanwa, ya ci jaka 24 a watan. Ya yi aiki kwana 24, ke nan kowace ranar aiki jaka 1. Yaron da ke kora shanu yana karɓar dala 100 a rana. Akwai kuma faci, da man ƙafa, da igiya, da maganin dabbobi, da ajiyar sayen sabuwar taya, muka sa musu dala 100. Na huɗu shi ne wanda mutane suke mantawa, wato ladan mai amalanken kansa. Da ya tafi ƙwadago gonar wani, da an ba shi jaka 1 a rana. Ita ma sai a sa ta cikin lissafi, don ƙarfin mutum ba na banza ba ne.

Jaka 1, da dala 100, da dala 100, da jaka 1, sun zama jaka 3. Duk ranar da aka ɗaura wa shanu amalanke saboda wani mutum, jaka 3 ta tafi, ko an ɗauki kaya ko ba a ɗauka ba. Rabin rana kuwa jaka 1 da rabi.

Daga nan muka buɗe wa kowane mai ba shi aiki shafi guda. Mutum uku ne ya yi wa aiki a watan.

Shafin Alhaji mai rake

Wannan shi ne babban mai ba shi aiki, wanda yake alfahari da shi. Sawu 20 ya yi masa, kowane sawu jaka 2, ke nan jaka 40. Fadamar da nisa ga yashi, sawu 2 ake yi a rana, saboda haka jigilar ta ci kwana 10.

Na tambaye shi: "To waɗannan alamun da ka kewaye fa?" Ya ce ranakun da ya je da sassafe ne ya tarar ba a gama sara ba, ko ba a ɗaure ba, ya zauna har azahar. Muka ƙirga, sau 8 ne. Rabin rana sau 8, kwana 4 ke nan. Bayan haka ya yi kwana 2 yana bin Alhaji don karɓar kuɗi, shanu da yaro suna zaune, ya kuma biya kabu-kabu jaka 1. Da aka zo biya, sai Alhaji ya cire jaka 2, wai an karya masa rake a hanya.

Kwana 10, da 4, da 2, sun zama kwana 16.
Kwana 16 sau jaka 3, jaka 48. A ƙara kabu-kabu, jaka 49.
Abin da ya shigo hannu, jaka 38.
Asara, jaka 11.

Mai amalanke ya yi shiru, ya ce mu sake ƙirgawa. Muka sake, bai canza ba.

Shafin mai tubali

Wannan kuwa raina aikinsa yake yi, don jaka 1 da rabi yake biyan sawu. Ya yi masa sawu 12, ke nan jaka 18. Amma wurin kusa ne, sawu 4 ake yi a rana, tubali yana jere yana jira, kuma kowace marece ake biya a hannu. Aikin duka kwana 3 ya ci.

Kwana 3 sau jaka 3, jaka 9.
Abin da ya shigo, jaka 18.
Riba, jaka 9, wato jaka 3 kowace rana.

Kun ga dai, wanda ake raina kuɗinsa shi ne mai riba. Ba kuɗin sawu ake dubawa ba, abin da rana ta bari ake dubawa.

Shafin kawu

Kawunsa ya sa shi kai taki gona kwana 5, ya ba shi jaka 5 kaɗai. Kwana 5 suna cin jaka 15, kai ka ce asarar jaka 10 ce. Amma da muka bincika, kawu ya ba shi harawa dami 20, a lokacin ana sayar da dami dala 100, ke nan jaka 10. Jaka 5 da jaka 10 sun zama jaka 15. Babu riba, babu asara. Duk abin da aka ba ka, hatsi ne ko harawa, ka rubuta shi da kuɗinsa na ranar da ka karɓa. In ba haka ba za ka zargi wanda bai cuce ka ba.

A haɗa watan duka: jaka 71 suka shigo, jaka 73 suka fita. Ribar mai tubali ta tafi wajen toshe ramin Alhaji, har ma ba ta isa ba. Shi ya sa jaka 10 ta bashi ta gagara.

To a bar Alhaji ke nan?

Ya ce mini: "Malam, gobe zan gaya masa na daina." Na ce ya dakata, akwai sauran lissafi. Shanu suna ci ko da aiki ko babu. In ya bar Alhaji bai sami wani aikin ba, ba zai biya yaro ba, taya ba za ta ci ba, shi kuma zai iya zuwa ƙwadago. Amma abincin shanu na kwana 16 yana nan, jaka 16, ba mai biya. Asarar jaka 16 ta fi asarar jaka 11. Kada mutum ya saki reshe ya kama ganye.

Saboda haka tambayar ita ce: akwai wanda zai cika ranakun nan? Na sa ya tuna waɗanda ya ce wa ba shi da lokaci a watan. Ya lissafa mutum uku, da mai rogo, da wani mai tubali, da mai rake ƙarami da ke biya a hannu. A lokacin rake, da aiki ke neman amalanke, mai ɓata maka rana yana hana ka wani aikin. Da bazara kuwa, lokacin da aiki ya yi wuya kuma harawa ta yi tsada, ko aiki mai ƙaramin kuɗi gara shi da zama, muddin ya biya yaro da gyara ya kuma rage wani abu na abincin shanu.

Muka kuma duba wani abu. Da babu jira, babu bin kuɗi, babu cirewa, da aikin Alhaji kwana 10 zai ci, wato jaka 30, ya kawo jaka 40. Riba jaka 10. Ashe kuɗin sawu ba su da laifi. Ranakun da ba a biya ba su ne ciwon, su za a yi wa magani.

Maganar da ya kai wa Alhaji

Ya tafi da kayensa, bayan gaisuwa ya ce: "Alhaji, ba ƙarin kuɗi na zo nema ba. Abu huɗu nake roƙo. Kada in ɗaura shanu sai an kira ni an ce rake ya ɗauru. In na zo na zauna rabin rana, a ba ni jaka 1 da rabi. A ƙirga dami wurin ɗauka da wurin saukewa, gaban yaronka. A riƙa biyana kowace ranar kasuwa."

Alhaji ya yarda da uku, ya ce kuɗin jira kam bai taɓa biyan kowa ba. Mai amalanke ya ce: "To Alhaji, in na zo ban tarar da kaya ba, ka yi mini izini in wuce wani aikin, in dawo gobe." Aka tsaya a kan haka. Kawu kuwa bai taɓa shi da maganar kuɗi ba. Ya dai roƙe shi ya bar kai taki sai rake ya ƙare. Zumunci yana nan, ranakun tsada ma suna nan.

Da ƙarshen wata na biye ya zo aji da kayensa, ya nuna mini inda ya rubuta: an biya jaka 10.

Hattara da bashin naira

Mu mutanen bakin iyaka muna da wata matsala. Wasu fatake daga wajen Kamba da naira suke ciniki. A shekarar 2023 naira ta faɗi ƙwarai, wanda ya yi aiki aka riƙe masa kuɗi wata biyu ko uku, da ya canza su zuwa sefa sai ya ga sun ragu. In za ka yi aiki bashi, ku yanke kuɗin da sefa. In da naira ne, a biya ka ranar.

Yadda za ka yi naka shafin

Ja layi uku a kaye, ka sami gida huɗu. Gidan farko ranar wata. Na biyu abin da ya shigo hannunka, ban da alkawari. Na uku lokacin da mutumin ya ci, rana ko rabin rana, har da jira da bin bashi. Na huɗu kuɗin da ka kashe saboda shi kaɗai. Kada ka yanke wa mutum hukunci da mako guda, don kowa yana iya samun tangarɗa. Bari wata ya cika.

Mace mai kai nono gidaje, da makiyayin da ke kiwon shanun mutane, da mai injin ban ruwa, duk wannan shafin zai yi musu. Wanda ya cika nasa ya kasa haɗa lissafin, ya kawo shi ajin karatun manya, mu ƙirga tare.

Daga malamin karatun manya, Junju