Tausasa Harshe a Takardar Sallama daga Aiki

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yakan sakaya mugun labari, shi ya sa yake cewa mara lafiya "ya ji sauƙi" ko da ciwon ya tsananta. Wannan maƙala za ta duba inda irin wannan sakayawa take da amfani a takardar sallama daga aiki, da inda take jawo rigima, tare da misali daga Lafiya ta Jihar Nasarawa.

2.0 Abin da Ba Ya Karɓar Sakayawa

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda ta shafi leburori da akawuna, ya ƙayyade mafi ƙarancin wa'adin sanarwa. Wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5 yana aiki, wa'adinsa mako 2 ne, wanda kuwa ya kai shekara 5, wata 1. Ba a lissafa ranar da aka miƙa takardar.

A ƙaddara wani akawu ya shekara 3 a wani injin casar shinkafa a Lafiya, aka ba shi takarda ranar 3 ga Maris, 2025. Lissafi zai fara ne daga 4 ga wata, ya cika 17 ga wata. Idan aka rubuta masa "ka ɗan huta, sai mun neme ka", to ba a sallame shi ba. Yana iya ɗaukar hakan a matsayin dakatarwa, ya nemi albashin watannin da ya yi yana jira a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Abin da ya kamata a rubuta shi ne: "Aikinka zai ƙare ranar 17 ga Maris, 2025." In kuwa kuɗi za a ba shi a madadin wa'adin, Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell ta 1993 cewa lokacin sallamar ake biya, alkawari bai wadatar ba.

3.0 Inda Ake Tausasawa

Mabuɗin takarda da marufinta ne muhallin ladabi. A buɗe da "Malam" da gaisuwa, a rufe da godiya da fatan alheri. Haka nan a zaɓi "sallama" maimakon "kora", domin kora tana ɗauke da zargin laifi, ba a amfani da ita sai laifin ya tabbata. Sai dai a kula da yabo. Wanda aka sallama saboda sakaci, aka kuma yaba ƙwazonsa a takarda guda, an ba shi hujja a hannu. A gode masa kan shekarun da ya yi kawai.

4.0 Kammalawa

Ma'aunin mai sauƙi ne. A cire gaisuwa da godiya, sannan a karanta abin da ya rage. Idan ya faɗi cewa aiki ya ƙare, da ranar ƙarewarsa, da haƙƙin da za a biya, takardar ta yi. In ba haka ba, kara ta cinye saƙon.