Layi ɗaya, gurbi biyar: yadda ake sanya wa kwamfuta lokacin aiki

Akwai ayyukan da kwamfuta ke yi da kanta ba tare da kowa ya zauna a gabanta ba: kwafe bayanan ciniki cikin dare, tura rahoto ga mai shago da safe, share tsofaffin fayiloli a ƙarshen mako. A kwamfutocin da ke aiki da Linux, waɗanda yawancin shafukan intanet ke zaune a kansu, wata ƙaramar manhaja mai suna `cron` ce ke riƙe da wannan jadawali. Ta samo asali daga tsarin Unix tun shekarun 1970, kuma nau'in da ya fi yaɗuwa a yau ya fito ne daga wanda Paul Vixie ya rubuta a 1987. Aikinta ba wuya. Kowane minti takan duba agogo, ta duba jadawalin da aka ba ta, in lokaci ya dace da wani layi sai ta tayar da aikin da ke jikinsa.

Ana buɗe jadawalin da umarnin `crontab -e`. Kowane layi yana farawa da gurbi biyar, sannan sunan aikin ya biyo baya. Gurbin farko na minti ne, daga 0 zuwa 59. Na biyu na awa, daga 0 zuwa 23, don haka ƙarfe biyu na rana 14 ne. Na uku kwanan wata, na huɗu watan kansa, na biyar kuma ranar mako, inda Lahadi take 0, Litinin 1, har a kai Asabar 6. Alamar `*` a gurbi na nufin "kowanne".

Mu ɗauki wani babban shagon sayar da magunguna da ke son a kwafe bayanan cinikinsa ƙarfe tara da rabi na dare, daga Litinin zuwa Asabar:

```
30 21 * * 1-6 /opt/shago/ajiye.sh
```

A karanta shi daga hagu: minti 30, awa 21, kowane kwanan wata, kowane wata, Litinin zuwa Asabar. Minti ne ke zuwa gaban awa, akasin yadda muke faɗa da baki, kuma nan ne sabon shiga ke fara tuntuɓe. Wanda ya juya su ya rubuta `21 30` ya taki sa'a, domin manhajar za ta ƙi karɓa tunda babu awa ta 30. Wanda ya juya ƙarfe biyar da minti goma kuwa, ya rubuta `5 10`, ba mai ce masa uffan. Aikinsa zai riƙa tashi ƙarfe goma da minti biyar. Haka ma mai barin `*` a gurbin minti. Layin da ya fara da `* 21` zai tayar da aikin a kowane minti na wannan awar, sau sittin ke nan.

Amma babban tarkon yana tsakanin gurbi na uku da na biyar, wato gurabe biyun da ke maganar rana.

A ce mai shagon ya buƙaci rahoton kayan da suka rage ranar Juma'ar farko ta kowane wata, ƙarfe bakwai na safe. Mai kula da kwamfutar ya yi lissafinsa mai kyau: Juma'ar farko dole ta faɗo tsakanin 1 zuwa 7 ga wata. Sai ya rubuta:

```
0 7 1-7 * 5 /opt/shago/rahoto.sh
```

A ido layin daidai yake. Sai dai `cron` tana da wata ƙa'ida ta musamman a nan. A sauran gurabe, dole kowanne ya dace kafin aiki ya tashi. Amma idan aka cike gurbin kwanan wata da na ranar mako duka biyun, ko wanne daga cikinsu ya dace ya wadatar. Abin da layin ke cewa a zahiri shi ne: a tura rahoto kowace rana daga 1 zuwa 7 ga wata, a kuma tura shi kowace Juma'a.

A gwada shi da watan Mayu na 2026, wanda ya kama ranar Juma'a. Rahoto zai fita kwana bakwai a jere daga 1 ga wata, sannan ya sake fita ranakun 8, 15, 22 da 29. Sau goma sha ɗaya ke nan, a maimakon sau ɗaya. In rahoto ne kawai, mai shago zai yi tsaki ya goge. In kuwa aikin na tura wa masu bashi saƙon tuni ne, ko na cire kuɗi, to magana ta girma. Abin da ya sa kuskuren ke daɗewa ba a gano shi ba, a tsakiyar wata layin yana tashi ranar Juma'a kaɗai, kamar mai biyayya. Sai sabon wata ya kama halinsa ke fitowa.

Maganin shi ne a bar wa `cron` sharaɗi ɗaya, ɗayan kuma a sa shi cikin umarnin:

```
0 7 1-7 * * [ "$(date +\%u)" = 5 ] && /opt/shago/rahoto.sh
```

Yanzu layin zai farka kowace safiya a kwana bakwai na farkon wata, ya tambayi kwamfuta wace rana ce yau. In amsar 5 ce, wato Juma'a, rahoto ya tafi. In ba haka ba ya koma ya kwanta. A lura da alamar `\` da ke gaban `%`. A cikin wannan jadawali `%` ita kaɗai tana nufin a yanke layi, don haka in aka manta da `\` umarnin zai gutsure, rahoto ba zai taɓa fita ba.

Saura maganar agogo. `cron` ba ta san inda mai shago yake zaune ba, agogon kwamfutar da take ciki kawai take bi. Yawancin sabar da ake haya a intanet suna zuwa ne a saite kan `UTC`, wanda ya yi daidai da agogon GMT da masu sauraron rediyo suka saba ji. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban wannan da awa ɗaya duk shekara. Na Ghana kuwa daidai yake da shi. Saboda haka `0 7` a irin wannan sabar ƙarfe takwas ne a Kano ko Maraɗi, kuma mai son bakwai sai ya rubuta `0 6`. Inda abin ya fi ruɗarwa shi ne kusa da tsakar dare, domin a nan har ranar tana canzawa. Ƙarfe goma sha biyu da rabi na daren Lahadi wayewar Litinin a Kano, a agogon sabar har yanzu Lahadi ce, awa 23 da minti 30. Layin zai zama `30 23 * * 0`, alhali a kalandar mai shago aikin na Litinin ne. Umarnin `date` shi kaɗai yana nuna lokaci da yankin agogon kwamfutar, kuma a ganina bai kamata a rubuta layi ko ɗaya ba kafin a buga shi.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye: idan kwamfutar tana kashe a mintin da aka sanya, `cron` ba ta rama aikin da ya wuce. In an ɗauke wuta ƙarfe tara da minti ashirin, aka tayar da janareta ƙarfe goma saura kwata, to kwafen wannan daren ya tafi ke nan. Ga kwamfutar da ba ta kwana a kunne akwai `anacron`, wadda ke gudanar da aikin da aka tsallake bayan an kunna, sai dai ita da kwanaki take lissafi, ba ta ɗaukar alkawarin awa.

Don tabbatar da cewa layi yana tashi a lokacin da ake so, a duba kundin da kwamfuta ke rubuta abin da ya gudana: `/var/log/syslog` a Ubuntu, `/var/log/cron` a dangin Red Hat. Kowane tashi yana nan da ranarsa da mintinsa. Mai karatu, in layinka yana da lamba a gurbi na uku da na biyar a lokaci guda, ɗauko kalanda ka ƙirga ranakun da zai tashi a wata mai zuwa kafin ka adana shi.