Idan Hanyar Ƙauye ta Toshe: Wasiƙar da Ɗalibi Zai Rubuta wa Mai Duba Aikinsa

A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gwamnatin jihar ta kuma rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita sayar da man fetur. Cikin waɗanda abin ya shafa har da wasu da ba a cika tunawa da su ba, wato ɗaliban jami'a da suka shirya tattara bayanan kundin digirinsu a ƙauyukan jihar. Haka ma aka yi a 2020, lokacin da kullen korona ya hana masu bincike shiga makarantu da asibitoci. Duk ɗalibin da ya faɗa irin wannan hali, aikin farko da ke gabansa shi ne ya rubuta wa malamin da ke duba aikinsa imel. Sau da yawa wannan 'yar wasiƙa ce ke raba wanda zai kammala da wanda zai maƙale.

Mu ƙaddara wani ɗalibin digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma. Ya kare ƙudurin bincikensa a gaban malaman sashe, an amince. Tambayarsa ita ce: da nawa rashin tsaro ya rage faɗin gonar da magidanta ke nomawa? Tsarinsa kuwa shi ne ya zaɓi ƙauyuka 12 ta hanyar ƙuri'a, a kowane ƙauye ya sake jefa ƙuri'a ya fitar da gidaje 32, jimla 384, ya cike musu takardar tambayoyi. Wannan adadi na 384 ba da ka ya zo ba. Daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ɗalibai da yawa ke ɗauko shi, kuma ma'anarsa ita ce idan jama'a na da yawa, aka zaɓi mutum 384 da ƙuri'a, kusan kullum sakamakon ba zai kauce wa gaskiya da fiye da kashi 5 cikin 100 ba. Sharaɗin shi ne ƙuri'ar. Dole kowane gida ya kasance yana da damar a zaɓe shi. Da zarar hanya ta toshe, wannan sharaɗi ya rushe, kuma duk lissafin da aka ɗora a kansa ya bi shi.

A yawancin sassan jami'o'inmu da Turanci ake rubuta irin wannan imel, amma ƙashin bayanta ɗaya ne a kowane harshe. Ga yadda wannan ɗalibi zai iya tsara tasa, a ƙarƙashin take kamar haka: “Neman izinin sauya tsarin bincike (babi na uku)”.

“Assalamu alaikum Malam. Da fatan kuna lafiya, ya aiki? Allah ya ƙara girma.

“Na rubuto ne don neman izininku in sauya tsarin tattara bayanai, domin shiga ƙauyuka 12 da muka tsara bai yiwu ba. A watan Agusta na gwada takardar tambayoyin a gidaje 30. Tun farkon Satumba ba na samun mataimakana ta waya, kuma hakimai biyu da na kai wa takardar gabatarwa daga sashe sun ba ni shawarar kada in shiga. Na haɗa kwafin takardun da wannan saƙo.

“Na duba hanyoyi uku: jira, tambayoyi ta waya, da hira da manoman da suka yi hijira zuwa Gusau. Ina ganin ta ukun ta fi dacewa: hira mai zurfi da manoma 30, da zama huɗu na tattaunawa a rukuni, biyu na maza, biyu na mata, sai hira da malaman gona shida.

“Da wannan tsari ba zan iya auna da nawa gonaki suka ragu ba, saboda haka manufa ta biyu da hasashen da ke babi na ɗaya za su fita. Abin da zan iya amsawa shi ne yadda manomi ke yanke shawarar barin gonarsa, da abin da ke biyo baya. Taken kundin ma zai buƙaci gyara.

“Ban fara sabon aikin ba, ina jiran umarninku. Idan kun amince, zan kawo gyararren babi na uku cikin mako biyu, in kuma nemi sabunta izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Ko zan iya ganinku ranar Talata ko Alhamis? Na gode, Malam. Ɗalibinku.”

Abu na farko da za a lura da shi: bayan gaisuwa, jimlar farko ta faɗi buƙata. Malami yana da ɗalibai da yawa, kuma galibi a waya zai karanta saƙon tsakanin lacca da taro. Ɗalibin da ya cika sakin layi uku da labarin wahalar mota da kuɗin da ya kashe, tausayi zai samu, ba hukunci ba. Gaisuwa da girmamawa suna da muhallinsu, amma ladabin da ya fi amfani a nan shi ne a sauƙaƙa wa malami yanke shawara. Haka kuma bayanin abin da ya faru ya zo da lokaci da shaida. “Ba a bari na shiga ba” magana ce da malalacin ɗalibi ma zai iya yi. Wanda ya faɗi inda ya je, da wanda ya gani, da amsar da aka ba shi, ya bai wa malaminsa abin da zai kare shi da shi a gaban kwamitin sashe.

Zuciyar wasiƙar tana sakin layi na huɗu, inda ɗalibin ya faɗi abin da ya rasa. Nan ne mafi yawa ke tuntuɓe. Sai su sauya hanya su bar tambaya yadda take, alhali in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Manoma 30 da aka samu a Gusau ba ƙuri'a ce ta fito da su ba. Wani ya nuna wani, wancan ya kai shi wajen ɗan'uwansa. Kuma dukkansu waɗanda suka baro gida ne. Wanda ya zauna a ƙauye ya ci gaba da noma, ko don ƙauyensu ya yi sulhu ko don ba shi da inda za shi, ba ya cikinsu. Idan 24 daga cikin 30 suka ce sun daina noma gaba ɗaya, ɗalibin ba shi da hurumin rubuta cewa kashi 80 cikin 100 na manoman yankin sun daina noma. Ai waɗanda suka daina ya je ya nema. Amma waɗannan mutane za su iya gaya masa abin da takardar tambayoyi ba ta iya kamawa: wace gona aka fara bari, ta nesa ko ta bayan gari, me aka fara sayarwa, shanun huɗa ko hatsi, wa ya fara tafiya, mata da yara ko samari. Bincike ne mai daraja, sai dai wata tambayar yake amsawa, kuma wajibi ne wasiƙar ta faɗi haka ƙarara.

Me ya sa ya ajiye sauran hanyoyin? Ya kamata ya shirya amsa, don Malam zai tambaya. Jira yana cin lokacin rajista da kuɗin makaranta, kuma bayanin noma yana da kaka: in an wuce girbi da watanni, manomi na iya mance adadin damin da ya samu. Waya kuwa, ko da akwai sabis, masu waya kaɗai take kaiwa gare su, kuma a karkara maza da masu ɗan hali sun fi mallakarta. Akwai hanya ta huɗu da malami zai iya kawowa, wato amfani da bayanan da wasu suka riga suka tattara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da Bankin Duniya suna bin wasu gidaje suna tambayarsu harkar noma tun 2010, kuma masu bincike na iya samun bayanan kyauta. Sai dai an tsara wannan bincike ne don ya wakilci ƙasa da shiyyoyi shida, ba jiha ɗaya ba, balle ƙaramar hukuma. Wanda ya koma kansa, tambayarsa ta tashi daga ƙauyukan Zamfara ta koma Arewa maso Yamma baki ɗaya.

Jimlar nan ta “ban fara sabon aikin ba” tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Izinin da aka ba ɗalibi na tsarin farko ne: waɗannan mutane, a wannan wuri, da waɗannan tambayoyi. 'Yan gudun hijira mutane ne masu rauni. Wasu sun rasa 'yan'uwa, wasu na tsoron maganarsu ta koma kunnen waɗanda suka kore su, wasu kuma za su ɗauka mai tambaya ya zo rubuta sunayen masu karɓar tallafi. Saboda haka takardar neman yarda sai an sake ta, a bayyana cewa babu tallafi, a tanadi yadda za a ɓoye sunaye da ƙauyuka, da inda za a ajiye muryoyin da aka naɗa. Bayanan da aka tattara kafin a sabunta izini, kwamiti na iya cewa kada a yi amfani da su. Sauya take ma ba a hannun mai duba aiki kaɗai yake ba, yawanci sai ya bi ta kwamitin sashe zuwa makarantar manyan digiri. Shi ya sa imel ta fi kiran waya ko saƙon murya: tana barin rubutacciyar shaida mai kwanan wata.

Ɗalibin da ya ƙi rubutawa, ɗaya daga cikin abu biyu yakan yi. Ko dai ya sauya tsari a ɓoye ya bar babi na uku yana maganar ƙuri'a, ko kuma ya zauna a ɗaki ya cike takardu 384 da kansa. Gogaggen mai jarrabawa na waje yana da hanyoyin ganewa. Zai ga an raba 384 an dawo da 384 ba ko ɗaya da ta lalace, a yankin da mota ba ta shiga. Zai ga amsoshi sun yi kama da juna fiye da kima, ko kwanakin aikin sun faɗa daidai lokacin da kowa ya san an rufe hanya. Sai ya ce a kawo ainihin takardun, ya tarar da rubutun hannu ɗaya da alƙalami ɗaya. Sauya tsari da izini ba laifi ba ne a ilimi. Ƙirƙirar bayanai kuwa na iya kai ga soke kundin gaba ɗaya.

Bayan ganawa da Malam, ɗalibin ya sake aika gajeren saƙo yana jera abin da aka amince da shi, don kada a samu saɓani bayan watanni. Sannan abin da ke cikin wasiƙar farko ya shiga kundin kansa: a babi na uku a bayyana tsarin da aka fara da shi, da dalilin barinsa, da wanda ya maye gurbinsa, a sashen iyakokin bincike kuma a rubuta cewa ba a ji ta bakin waɗanda suka zauna a ƙauye ba. Gidaje 30 na gwajin Agusta a ambace su a matsayin gwaji kawai, kada a cuɗa su da hirarrakin Gusau, domin ba mutane ɗaya ba ne, kuma ba tambaya ɗaya aka yi musu ba.