Abokin aiki ya dame ki da maganganun banza: Ki tare shi ko ki kai ƙara?

'Yar'uwa mai karatu, a ce ke malama ce a wata makaranta mai zaman kanta a Kafanchan. Akwai wani malami da kuke zama ofis ɗaya da shi. Ranar farko ya yaba ɗinkinki, kin yi godiya. Bayan mako guda yabon ya bar atamfa ya koma kan jikin da ke cikinta. Yanzu wata uku ke nan, duk shigowarki sai ya ce "amaryata ta iso", ya tambayi ko maigida yana kula da ke yadda ya kamata, sauran malamai su yi dariya. Bai taɓa kai hannu jikinki ba. Amma kin fara cin abincin rana a aji don kada ku haɗu, kuma daren Lahadi barci ba ya zuwa da wuri.

Tambayar da ke cin ranki ita ce: ki same shi ki gaya masa ya daina, ko ki wuce ofishin shugaban makaranta kai-tsaye?

Kafin amsa, ki cire wani tunani daga ranki, wato cewa tun da magana ce kawai, ba ki da abin kai ƙara. Dokokin shari'a na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na shekarar 2017 sun lissafa irin wannan cin zarafi a wurin aiki, kuma ba taɓa jiki kaɗai suka ambata ba. Sun haɗa da habaici, da barkwancin batsa, da yin magana a kan surar jikin mutum ba da son ransa ba. Najeriya ta kuma amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a watan Nuwamban 2022, wadda ta shafi cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Saboda haka abin da ke damunki yana da suna a doka.

Ki lura da kalmar da komai ya rataya a kanta: ba da son ransa ba. Duk mai irin wannan hali, ranar da aka zaunar da shi, kariyarsa ɗaya ce, "Ai wasa ne, ita ma tana dariya." A Kudancin Kaduna wannan kariya tana da ƙarfi, domin muna da al'adar wasa mai kyau tsakanin taubasai, tsakanin mace da ƙannen mijinta, da tsakanin ƙabilun da ke abokan wasan juna. Mutum zai kira ki "matata" a gaban jama'a, babu wanda zai ɗaga kai. Amma wasan al'ada yana da ƙa'ida: kowa yana da damar ramawa, kuma kowa yana tashi da fara'a. Wanda ke sa ki canza hanya don gudun haɗuwa da mai yinsa ya fita daga wasa.

Amfanin tararsa da farko ke nan. Ba don yana da haƙƙin a gargaɗe shi ba ne, sai don ki rufe masa ƙofar "ban san ba ta so ba".

Yadda ake tarar mutum

A ra'ayina, idan abubuwa uku suka haɗu, gara ki fara da shi. Matsayinku ɗaya, ba shi da hannu a albashinki ko ƙarin girmanki. Abin bai wuce baki ba. Kuma ba kya jin tsoronsa.

Mafi yawan mata sun riga sun "gaya masa", amma ta hanyar da ba ta ƙirguwa. An ce "kai dai ba ka da dama" cikin murmushi, ko an ɗaure fuska an fita. Mu a wajenmu wannan ya isa saƙo, domin an tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici. Shi kuwa ko bai gane ba, ko ya yi kamar bai gane ba. Magana mai amfani gajera ce, ta ambaci abin da ya faɗa, ta kuma ce ya daina: "Malam, maganar da kake yi a kan jikina da kiran da kake mini amaryarka ba na so. Ka kira ni da sunana. Kada ka sake." Shi ke nan. Kada ki fara da ba shi haƙuri, kada ki tsaya muhawara a kan niyyarsa, kada kuma ki zage shi, domin zagin shi zai ɗauka ya kai gaba, ke ki koma mai amsa tuhuma.

Wuri ma yana da muhimmanci. Ba a ɗaki a rufe ku biyu ba, ba kuma a tsakiyar taron malamai ba, inda kunya za ta sa ya zaɓi faɗa. Ki samu babbar malama guda da ake ganin girmanta ta tsaya kusa. Idan baki ya yi miki nauyi, ki tura masa kalmomin nan a saƙon waya. Saƙo yana da fa'idar da baki ba shi da ita: yana ɗauke da rana da lokaci, kuma amsar da zai bayar, ko ta ban-haƙuri ce ko ta rashin kunya, ta zama shaida.

Sannan ki sa wa abin iyaka a zuciyarki. Gargaɗi ɗaya ne. In ya daina, magana ta mutu, ba sai kowa ya ji ba. In ya sake, ko ya koma yi miki gaba, ko ya fara yawo da ke cewa kina da girman kai, to lokacin ofis ya yi.

Littafin da za ki fara tun yau

Ko wace hanya kika zaɓa, ki sayi ƙaramin littafi ki ajiye a gida, ba a durowar ofis ba. Duk ranar da ya yi magana ki rubuta kwanan wata, lokaci, wuri, ainihin kalmominsa, da waɗanda ke wurin. Misali: "Talata, ƙarfe 10:30, ofishin malamai. Ya ce kaza. Malamar lissafi da malamin Turanci suna zaune." Kada ki goge saƙonninsa don haushi, ki ɗauki hotonsu ki tura wa wata da kika yarda da ita. Bambancin mai cewa "kullum yana damuna" da mai cewa "sau bakwai cikin mako shida, ga ranakun" shi ne bambancin ƙorafin da za a ce a je a sasanta da wanda dole a zauna a kansa.

Inda ba a tsayawa gargaɗi

Yanzu mu sauya labarin kaɗan. A ce mai maganar shi ne mataimakin shugaban makaranta, wanda ke raba darussa, yake kuma sa hannu a takardar hutunki. Ko kuma ya fara haɗa maganar da alkawari ko barazana: "In kin saki jiki, maganar ƙarin albashinki ai mai sauƙi ce." Ko ya taɓa ki, ko ya tare miki ƙofa, ko ya fara bin ki har gida. A nan tararsa ke kaɗai kuskure ne, domin kin sanar da shi kafin ki sanar da kowa, kuma mai iko yana da hanyar riga ki: takardar tuhuma a kan makara, a kan rashin kammala manhaja, a kan abin da da can ba a kula da shi. Ranar da kika kai ƙara, sai a ce haushin tuhumar ne.

Wannan ba zato ba ne. A shari'ar Ejieke Maduka da kamfanin Microsoft, wadda Kotun Ma'aikata ta yanke a Legas a watan Disamban 2013, matar ta ƙi amincewa da halin shugaban kamfanin a Najeriya, daga baya aka sallame ta daga aiki. Kotu ta yarda cewa sallamar ramuwa ce, ta kuma ɗora alhaki a kan shugaban da kamfanin nan gida da uwar kamfanin, kowannensu ya biya ta sama da Naira miliyan 13. Abin ɗauka a nan shi ne, wurin aiki ma yana da laifi idan ya bari abin ya faru. Shi ya sa ake so hukuma ta sani a rubuce.

Ki rubuta takarda mai shafi ɗaya: abin da ya faru da ranakunsa, shaidu, gargaɗin da kika yi in kin yi, da abin da kike nema, wato ya daina, ko a raba muku ofis. Ki yi kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a naki. Ƙorafin baki a baranda yana ɓacewa. Idan wanda za ki kai wa shi ne mai laifin ko amininsa, ki tsallake zuwa na gaba da shi, mai makaranta ko hukumar gudanarwa. Ma'aikaciyar gwamnati kuma ta tafi da wakilin ƙungiyarta, ta malamai ko ta ma'aikatan jinya.

Kafanchan ƙaramin gari ne

Akwai abin da mazauna Kaduna ko Abuja ba za su damu da shi kamar ke ba. A Kafanchan, Kagoro, Zonkwa ko Kwoi, wanda za ki kai ƙara wataƙila cocinku ɗaya ko masallacin mijinki ɗaya da shi, matarsa kuma kuna haɗuwa a kasuwa. Za a turo miki dattawa su ce ki rufa masa asiri, yana da iyali. Sasanci ba laifi ba ne, in dai ya ƙare da shi ya amsa ya kuma daina, ba da ke kin janye takarda kin ba da haƙuri ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Idan addininku ko ƙabilarku ba ɗaya ba, akwai masu jiran su mayar da maganar ta "mu da su", kuma garin da ya sha rikici ya san inda irin wannan ke kaiwa. Ki tsare takardarki a kan kalmominsa da ranakun, kada ki ambaci asalinsa ko kaɗan. In da hali, shaidarki ta kasance daga ɓangarensa. Kada ki kai maganar dandalin sada zumunta ko zauren WhatsApp na ma'aikata.

Maigida fa? Ki gaya masa da bakinki kafin ya ji a waje, ki nuna masa littafin. Kai kuma maigida, zuwa makarantar da faɗa ba taimako ba ne, haka ma cewa ta ajiye aikin. Ka raka ta ranar zama idan ta nema.

Idan abin ya kai ga taɓa jiki ko barazana, ya wuce hurumin ofis kaɗai. Jihar Kaduna tana da Dokar Haramta Cin Zarafin Jama'a ta 2018, kuma akwai Cibiyar Salama a Asibitin Tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan, inda ake duba lafiyar waɗanda aka ci zarafinsu, a ba su shawara, a haɗa su da 'yan sanda da lauyoyi. Idan kuma rashin barci, faɗuwar gaba ko ciwon kai sun ɗauke ki makonni, ki je asibiti a auna jininki, ki gaya wa likita dalilin ba tare da ɓoyewa ba, ki kuma ajiye katin tare da littafinki.