Me ya sa siraran sassa ke ɓacewa kafin firintar 3D ta buga su?

Mai shago ya zana ɗan allon suna da ake maƙalawa a makulli, da haruffa masu tudu da siririn bango kewaye da su. A kwamfuta komai ya fito tsaf. Da firinta ta gama, sai ga lanƙwasar harafin ƙ babu ita, bangon kuma da tsaga a tsakiyarsa. Nan da nan ake zargin injin, alhali tun a silaisa aka yi asarar, wato manhajar da ke yanka zane faifai-faifai tana tsara wa injin hanyar da zai bi.

Firinta narkakkiyar roba take shimfiɗawa layi-layi ta wani ɗan baki, wanda galibi faɗinsa milimita 0.4 ne. Idan lanƙwasar harafin milimita 0.3 ce, layi ko ɗaya ba zai shiga ba, tsohon tsarin yanka kuwa tsallake ta yake yi ba tare da gargaɗi ba. Shi ya sa nake ganin ganganci ne a tura aiki ba a buɗe Preview an bi faifan ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da bai bayyana a can ba, ba zai fito a roba ba.

Matsalar bangon daban ce. Kaurinsa milimita 1.0. Layi biyu sun ci 0.8, saura 0.2, wanda bai isa layi na uku ba. Ko dai a bar gurbin fanko, bangon ya riƙa darewa idan an matsa shi da farce, ko a kunna Fill gaps a PrusaSlicer, injin ya riƙa tsiyaya 'yar roba a ciki. Cikon yana aiki, amma kan injin kan yi ta karkarwa, saman bangon ya fito da ƙuraje. Gyaran da na fi so shi ne a ɗaga faɗin layi zuwa 0.5, bakin 0.4 yana iya wannan ba wahala, layi biyu su cike bangon daidai. In kuwa zanen naka ne, mai da bangon 0.8 ko 1.2 ka huta.

A 2022 Cura 5.0 da PrusaSlicer 2.5 suka zo da tsarin Arachne, mai faɗaɗa layi ko tsuke shi gwargwadon wurin da ya tarar. A Cura, idan Print Thin Walls na kunne, lanƙwasar nan za ta fito, sai dai an kumbura ta zuwa 0.34. Abin da ya gaza Minimum Feature Size, wato 0.1, har yanzu zubar da shi ake yi. Ga ado wannan kumburi ba komai, amma ga abin da zai zura cikin rami, sai an auna.

Haruffan da suka yi ƙanƙanta ainun kuwa, a zaɓa musu rubutu mai kauri, ko a sauya baki zuwa na 0.25, a kuma yarda aikin zai ƙara cin lokaci.