Yadda ƙarshen sunan magani ke bayyana danginsa

A jikin yawancin kwalayen magani sunaye biyu ake gani: wanda kamfani ya raɗa domin kasuwa, da kuma sunan sinadarin da ke ciki, wanda akan rubuta da ƙananan haruffa. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke tsara irin wannan suna na biyu, kuma ta fitar da jerin farko a shekarar 1953. Ƙa'idar ita ce, magungunan da ke aiki ta hanya ɗaya su yi tarayya a wata gaɓa, galibi a ƙarshen suna. Wanda ya riƙe gaɓar zai iya gane dangin maganin da bai taɓa jin sunansa ba.

Magungunan hawan jini sun fi nuna hakan. Sunan da ya ƙare da -olol, kamar atenolol da propranolol, na dangin masu rage bugun zuciya ne. Wanda ya ƙare da -dipine, kamar amlodipine da nifedipine, yana buɗe hanyoyin jini, kuma yakan kumbura ƙafa. Masu ƙarewa da -pril, irin su lisinopril, an san su da haddasa busasshen tari.

A ce wani dattijo yana shan lisinopril, sai aka ba shi ramipril a wani asibitin, cikin kwali mai sunan kasuwa daban. Ɗansa da ya lura da -pril a kwalayen biyu zai gane cewa dangi ɗaya ne aka maimaita. Haɗa su na iya saukar da jini fiye da kima, ya kuma taɓa ƙoda. Abin yi shi ne a kai kwalayen biyu wurin likita ko masanin magunguna kafin a ci gaba da sha.

Inda ɗalibai kan yi tuntuɓe shi ne yanke gaɓar gajere. Omeprazole, fluconazole, metronidazole da albendazole duk sun ƙare da -azole, amma aikinsu bai haɗu ba. Sai an ƙara haruffa baya: -prazole na rage ruwan ciki mai tsami ga masu gyambon ciki, -conazole na kashe ƙwayoyin cuta dangin fumfuna, -nidazole na wasu cututtukan hanji irin su atini, -bendazole kuwa na tsutsar ciki. Ko a nan ma akwai tarko, domin aripiprazole maganin taɓin hankali ne, gaɓarsa -piprazole ce. Saboda haka gaɓa mafi tsawo ake bi.

Dabarar tana da iyaka. Tsofaffin sunaye irin aspirin ba su bi tsarin ba, kuma gaɓa dangi kawai take nunawa, ba ta faɗin adadin da za a sha. Amlodipine miligiram 10 shi ne iyakar abin da ake ba babba a rana, alhali nifedipine mai narkewa a hankali daga miligiram 30 akan fara shi.